Babi na biyu: jera marubuta ko zaunar da su a kan tambaya guda?

"Ina rubuta kundin digiri na biyu a kan kafuwar daula a ƙasar Hausa. Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babin bita, wai taƙaitawa kawai na jera. To wane tsari ne ya fi, bin marubuta ɗaya bayan ɗaya ko wani daban?"

Malama, bari in ajiye miki tsarin biyu kusa da juna ki ga bambancin da idonki.

Na farko shi ne wanda kika yi. Sakin layi guda na Oppenheimer, wanda a 1908 ya ce daula daga mamaya take fitowa, makiyaya mayaƙa su danne manoma su ɗora musu haraji. Sai na Wittfogel (1957), mai cewa buƙatar tsara ban ruwa ce ke haifar da hukuma mai ƙarfi. Sai Carneiro (1970), sai Abdullahi Smith, sai wanda ya biyo baya. Wannan tsari yana da amfaninsa, domin shi ke nuna kin karanta, kuma kowa da shi yake farawa a littafinsa na rubutun nazari. Matsalarsa ita ce babu wanda ke amsa wa wani. Ga yadda za ki gane: ɗauki sakin layi na uku ki mayar da shi na shida. Idan babin bai ji komai ba, to jeri kika yi. Alama ta biyu, kowane sakin layi da sunan mutum yake farawa.

Na biyu yana farawa ne da inda masanan suka saɓa. Ki nemo tambayoyi biyu ko uku da kowane ra'i ya wajaba ya amsa, su zama kanun babin, marubutan kuma su riƙa shigowa ƙarƙashin kowace tambaya gwargwadon abin da suke da shi. Mutum guda yana iya bayyana sau uku, wani sau ɗaya ya ishe shi. A aikinki tambayar da ta fi nauyi ita ce: sarauta daga waje aka kawo ta, ko a cikin gida ta tsiro? Ta biyu kuma: me ya hana talaka tashi ya bar sarki ya sari sabon daji?

A tsarin jeri, abin da za ki rubuta bai wuce haka ba: "Oppenheimer ya ce mamaya ce tushen daula. Palmer ya fassara tarihin sarakunan Kano a 1908. Smith ya yi bayanin birni da sarauta." Duk gaskiya ne, amma mai karatu bai san cewa jayayya ake yi ba.

A tsari na biyu sakin layin zai tafi kamar haka: "Masu ra'in mamaya suna ganin daula aikin baƙi ne, kuma marubutan zamanin mulkin mallaka irin su Palmer da wannan ido suka karanta labarin Bayajidda da zuwan Bagauda Kano. Abdullahi Smith bai yarda ba. A wajensa sarauta ta taso ne yayin da mazauni ya girma daga ƙauyen dangi zuwa gari, daga gari zuwa birni, inda mutane masu asali daban-daban suka taru har ikon mai gida ya kasa riƙe su. Saɓanin nasu ya rataya ne a kan yadda za a ɗauki labarin gargajiya: rahoton abin da ya faru ne, ko hujja ce da gidajen sarauta suka kafa wa mulkinsu daga baya?"

Kin ga jimlar ƙarshe? Ita ce malaminki yake nema, kuma ba za ki same ta a littafin kowa ba, taki ce. Daga nan ƙofa ta buɗe miki ki kawo cewa masana da yawa suna ganin a ƙarshen ƙarni na 19 aka harhaɗa tarihin sarakunan Kano, ɗaruruwan shekaru bayan Bagauda, sannan ki tambayi wane ra'i ne ya fi jingina da shi. Na mamaya ne. Duk abin da ya raunana wannan madogara, shi ya fi shan wahala.

Tambaya ta biyu ita na fi so ki ba wa fili. Carneiro ya kwatanta dajin Amazon da kwaruruwan gaɓar tekun Peru. A Amazon, ƙauyen da aka ci da yaƙi sai ya ƙara gaba, ƙasa ba ta ƙare ba. A Peru kuwa hamada da duwatsu da teku sun tsare hanya, wanda aka ci dole ya zauna ya biya haraji, daga nan masarautu suka yi ta haɗiye juna. To ƙasar Hausa fili ce shimfiɗaɗɗiya, babu tekun da ya tare kowa. Mai gaggawa sai ya rubuta cewa ra'in bai dace ba ya wuce. Kada ki yi haka, domin Carneiro da kansa ya ƙara cewa taruwar albarkatu a wuri guda tana iya riƙe mutane kamar yadda dutse ke riƙe su. Nan ne za ki zaunar da shi kusa da Smith, wanda ya yi maganar abubuwan da ke jawo jama'a zuwa wuri irin Dala: ƙasar noma mai kyau, tama ta ƙira, dutsen da ake girmamawa don iskoki, da mahaɗar fatake. Ɗaya yana cewa an tsare mutane, ɗaya yana cewa an jawo su. Sai ki ɗora su duka a kan ganuwar Kano, wadda tarihin ya ce a zamanin Gijimasu aka fara ta. Idan Carneiro ke da gaskiya, ya kamata a ga alamar yaƙi da cunkoso kafin ginin. Idan Smith ne, ya kamata a ga baƙi da sana'o'i suna ƙaruwa, ganuwa ta zama mafakar da ke sa mutum ya gwammace haraji da zaman daji. Wittfogel kuwa jimla biyu ta ishe shi, tunda noman ƙasar Hausa na damina ne, babu manyan magudanan ruwa da hukuma ta tsara.

Kafin ki taɓa rubutu, zana jadawali a takarda. Ra'o'i a gefe, a sama kuma gurbi huɗu: abin da ra'in ke kira daula, dalilin da ya bayar, wurin da aka gina shi, da shaidar da za ta karya shi. Gurbin farko kada ki raina shi. Wani da ya ce daula yana nufin sarki da fada da masu sarauta, wani kuma, irin Tilly da ya yi aiki a kan Turai, hankalinsa na kan rundunar yaƙi da ma'aikatan tara haraji. Idan ba ki fayyace wannan ba, za ki haɗa faɗa tsakanin mutanen da ba abu ɗaya suke magana a kai ba, kuma wannan shi ne babban haɗarin tsari na biyu. Gurbin ƙarshe in ya zauna fayau, ba ki gama fahimtar ra'in ba, koma ki sake karantawa.

Taƙaitawar da kika riga kika yi kada ki zubar, da ita za ki cike jadawalin. Daga nan ki sake buɗe kowane sakin layi da batun da ake jayayya a kai, sunan marubuci ya shigo a jimla ta biyu ko ta uku, sannan ki rufe kowane sashe da faɗin wanda hujjar Kano ta fi goya wa baya da abin da har yanzu ba a warware ba. Wannan abin da ya rage shi za ki ɗauka ki shiga babi na uku da shi.