Yanka bidiyon sitatus: a cikin WhatsApp ko tun daga galari?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Na ɗauki bidiyon sababbin lesuka da na saro a kasuwar Balogun, minti 2 da sakan 40 ne, amma sitatus ɗina minti ɗaya yake tsayawa. Wata ta ce in yanka a cikin WhatsApp, yarona kuma ya ce a galari ake fara yankawa. Wanne ya fi? Na gwada sau ɗaya, maganata ta guntule a tsakiyar farashi."

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba da kasuwa. Da mai ba ki shawarar farko da yaronki kowa da gaskiyarsa, sai dai a bidiyo irin naki ni bayan yaron nake. Aikin ɗaukar biki nake yi a nan Agege, kusan kullum sai na yanka wa wani, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Mu fara da iyakar ita kanta, don mutane na yawan musu a kanta a banza. Shekara da shekaru sakan 30 ne, sai a 2024 aka mayar da shi minti ɗaya. Wanda ya ga tasa wayar tana tsayawa a 0:30 har yanzu, tsohuwar manhaja yake riƙe da ita, ya shiga Play Store ya sabunta. Kada a dogara da lambar da wani ya faɗa. A ja hannun yankan har inda ya ƙi tafiya, a karanta abin da aka rubuta a fuskar wayar. Tunda taki ta nuna minti ɗaya, da shi za mu yi lissafi: sakan 160 ne a hannunki, kashi uku ke nan ko ta yaya aka juya.

Yankan cikin WhatsApp yana da daɗin sauri. Kin zaɓi bidiyo, layin ƙananan hotuna ya fito a sama, kin ja hannun hagu da na dama, kin tura. Ba a ajiye miki wani sabon fayil ya cinye wuri, asalin bidiyon kuma yana nan yadda yake. Tsawon abin da kika zaɓa da nauyinsa suna rubuce a wurin. Idan guntu ɗaya kike so, misali ki cire farkon da hannu ke rawa kafin ki daidaita wayar, babu abin da ya kai shi, ni ma da shi nake yi.

Matsalarsa tana cikin layin nan. Faɗinsa bai wuce kamar santimita shida ba, kuma dukan bidiyon aka cusa a ciki. Raba sakan 160 a kan wannan ɗan wurin, za ki ga kowace milimita ɗaya da yatsa ya gusa ta tafi da fiye da sakan biyu da rabi. To "dubu arba'in da biyar" ai ba ta kai sakan biyu a baki ba. Ga inda farashinki ya guntule, ba rashin iyawa ba ne. Sannan idan kin tura kashi na farko, sai kin sake buɗe bidiyon daga tushe, ki lalubo inda kika tsaya da ido. Ko dai ki maimaita sakan uku da mutane suka riga suka gani, ko ki tsallake uku da ba wanda zai taɓa gani, kuma ba za ki sani ba sai bayan ya hau.

A galari kuwa wahalar a farko take. Sau uku za ki buɗe bidiyon, sau uku za ki ajiye, wayar ta ƙara nauyi da sababbin fayil uku. Abin da kike samu a madadin haka shi ne ki kalli kowane kashi, ki saurare shi, tun babu wanda ya gani. Bai yi ba, ki goge ki sake. Kwastoma ba ta san an yi ba.

Amma kafin ki taɓa wani hannun yanka, ɗauki biro. Kunna bidiyon, ki rubuta lokacin da kika gama maganar leshi ɗaya kika ajiye shi za ki ɗauko wani. A irin wannan numfashin ake yanka, ba a kan minti ɗaya cif ba. A ce kin gama na uku a 0:52, na shida a 1:47. Kashi na farko daga farko zuwa 0:52, na biyu daga 0:52 zuwa 1:47, sakan 55 ke nan, na ukun kuma ya ɗauki sauran 53. Duk suna ƙasa da iyaka, kowanne kuma zai tsaya da ƙafarsa ko da shi kaɗai mutum ya kalla. Da kin bi 60, 60, 40, da wuƙar ta faɗa duk inda ta ga dama.

Inda ake asara a galari wurin ajiyewa ne, a nan ki natsu. A Google Photos, wanda ke kan yawancin Tecno da Infinix da muke riƙewa, bayan Edit da jan hannayen, maɓallin Save copy ne, yana barin asalin. A iPhone zai tambaye ki, ki zaɓi Save Video as New Clip, ba Save Video ba. Galarin Samsung kuwa idan kika danna Save kai tsaye kan asalin yake hawa, sai kin shiga ɗigo ukun nan kin zaɓi a ajiye kwafi. Ana iya dawo da shi, amma mutum ya buɗe don yanka kashi na biyu ya tarar bidiyonsa ya koma sakan 52, gabansa sai ya faɗi.

Sai maganar kyan hoto, wadda ga mai leshi ita ce kasuwar gaba ɗaya. Minti ɗaya na bidiyo mai 1080p yakan kai megabait 60 zuwa 130, gwargwadon waya. WhatsApp ba ya ɗora shi haka, sai ya matse shi sosai, ta kowace hanya kika bi. Matsewar nan ƙananan zane take fara ci: ramukan leshi, duwatsu, zaren da ke ƙyalli. Bango fari ba ya jin komai, leshi kuwa sai ya koma kamar an shafa masa mai. A nan yankan cikin WhatsApp ya ɗan fi, don matsa ɗaya ce. Wasu manhajojin gyara sukan sake matse bidiyon wurin ajiyewa, sannan WhatsApp ya zo ya ƙara tasa. Na galarin da ya zo da waya bambancinsa kaɗan ne, da wuya ido ya kama. Wanda ke kashe hoto da gaske shi ne bidiyon da aka turo miki ta hira, wanda an riga an matse shi, kika kai shi wata manhaja, kika dawo da shi sitatus. Idan da wayar wani aka ɗauka, ya ba ki ta Xender, ko ya turo shi a matsayin Document. Kuma lokacin ɗauka ki riƙa tsayar da hannu sakan biyu ko uku a kan kowane zane, don motsi ne ke sa matsewar ta fi ɓarna.

Manhajojin da ke raba bidiyo da kansu, ban cika so ba. Makafi ne, agogo kawai suke bi, ga talla, wasu har tambarinsu suke manna miki a kan kaya. Don casun biki da babu magana a ciki sun wadatar.

Idan yaron yana da kwamfuta kuma ya san ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da ake rubuta wa umarni, layi ɗaya zai raba shi a wuraren da kika rubuta ba tare da an sake matse komai ba. 1:47 shi ne sakan 107:

```
ffmpeg -i leshi.mp4 -c copy -f segment -segment_times 52,107 -reset_timestamps 1 kashi%d.mp4
```

Ga abin da ya kamata ya sani. Bidiyo ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Yakan ajiye cikakke ɗaya, sai waɗanda ke biye su riƙe abin da ya canza kawai, har a kai ga wani cikakken, a waya galibi bayan kamar sakan ɗaya. Yankan da ba ya sake matsewa dole ya jira cikakken hoto na gaba, saboda haka wanda ya ce 52 yana iya samun 52 da wani abu. Wannan ma dalili ne na barin rara. Wanda ya yanka a 60 daidai, kashinsa kan haura da ɗan kaɗan, WhatsApp ya datse wutsiyar, kuma kalmar ƙarshe ce ke tafiya. Ni ba na wuce 57.

Wurin ɗorawa kuma kada ki yi gaggawa. Akwai ranar da na ɗora wa wani ango kashi huɗu ina cikin danfo, muna tsaye a cunkoson Oshodi, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Na biyun ya maƙale, na uku da na huɗu suka wuce. Da na goge shi na sake turawa sai ya koma can ƙarshe, mutane suka ga amarya a gidan miji kafin su ga an fito da ita. Ba a jan sitatus a gyara masa layi, sai dai a goge duka a sake, data ta tafi sau biyu. Tun daga ranar, ɗaya-ɗaya nake turawa, in jira ya gama hawa, sannan in tura na gaba. Ki rubuta 1/3, 2/3, 3/3 a ƙasan kowanne, mai kallo ya san da saura.

Ranki ya daɗe, in da ni ne ma, da sai na tambayi kaina ko sakan 160 ɗin duka ake bukata. Mai duba sitatus yatsanta a kan fuskar waya yake, ta taɓa ta wuce. Ki duba adadin waɗanda suka kalli kashi na farko da na ƙarshe a duk abin da kika taɓa ɗorawa a jere, za ki ga inda ake zubewa. Shi ya sa leshin da kika fi son ya fita, da farashinsa, su zo a kashin farko, gaisuwa kuma a taƙaice. Wani zai ce a ƙara wa bidiyon gudu ya shige minti ɗaya. Sai an ninka gudun kusan sau uku kafin 160 ya koma 60, ba mai gane abin da kike faɗa, ba mai ganin zane. In kuma ƙarar janaretan maƙwabta ta rufe muryarki, akwai alamar lasifika a wurin yankan na WhatsApp, ki kashe sautin, ki rubuta farashin kowane yadi biyar a ƙasa.

Na yau dai ki yanka ukun a galari, ki saurari sakan biyar na ƙarshen kowanne da kunnenki, sannan ki ɗora na farko.