Batir guda na 200Ah bai ishi dare ba: abin da na gani a gidana a Aboabo

Na sayi inbata da batir guda a wani shago a nan Kumasi saboda abu uku kawai: fitilu, fanka da talabijin. Ban nemi firij ba, ban nemi dutsen guga ba. Duk wanda ya sha dumsor na 2015, wato yawan ɗauke wutar da aka yi a Ghana, a ɗakin Zango mai taga ɗaya ya san abin da nake gudu, musamman a watan Maris da zafi ke hana yara barci. Mai shagon ya dafa batirin, an rubuta 12V 200Ah a jikinsa, wato bolt 12 da amfiya-awa 200, ma'aunin yawan wutar da yake ɗauka, ya ce: "Alhaji, wannan har gari ya waye." Ni kuma ban tambaye shi lissafi ba.

Gaskiya makonnin farko bai yi ƙarya ba. A ɗauke wuta da magariba, mu kwana fanka na juyawa har a kira asuba. Har tallarsa na yi wa maƙwabta. Bayan 'yan watanni sai inbatar ta fara kuka wajen ƙarfe uku na dare, fankoki su tsaya. Daga baya kukan ya dawo ƙarfe ɗaya. Na ɗauka jabu aka sayar mini, har sai da ƙanin matata, wanda aikin wuta ne sana'arsa, ya zo ya zauna da biro da bayan kwalin shayi.

Ya ce: "Yaya, bar batirin tukuna. Faɗa mini abin da kuke kunnawa da awa nawa." Muka bi ɗaki ɗaki yana karanta ƙarfin kowane abu a jikinsa. Ƙwan fitila shida, kowanne wat 9, wato 54, daga shida zuwa sha ɗaya, awa biyar: wat-awa 270. Talabijin inci 32 da dikoda sun haɗa wat 65, awa huɗu: 260. Sai fankokin sama guda biyu, kowacce wat 70, daga tara na dare zuwa shida na safe. Wat 140 sau awa tara, 1260. Nan na riƙe baki. Ni duk zatona talabijin ce mai cin wuta, har faɗa nake wa yara a kanta, ashe fankar da ba ta da hayaniya ita ke cinye fiye da kashi biyu cikin uku, don ita kaɗai ce ke kwana tana aiki. Jimillar daren ta kama wat-awa 1790.

Wannan kuwa abin da kayan ke sha ne, ba abin da ke fita daga batir ba. Inbata na da nata kason, wanda take ɓatarwa a zafi wajen mayar da wutar batir irin ta gida mai bolt 230. Ya ɗauki kashi 85 cikin ɗari a matsayin abin da ke isa ga kaya, ya raba 1790 da 0.85, aka samu kusan 2100. Batirina kuma, bolt 12 sau 200Ah, wat-awa 2400 ne. Na ce to ai ya isa, har da canji. Ya yi dariya ya ce nan ne kowa ke faɗawa rami. Batirin dalma da ruwan asid ba a son a riƙa zuƙe shi fiye da rabi in ana so ya yi shekaru. Daga cikin 2400 ɗin, 1200 ne nawa. Da wannan lissafin, wajen sha biyu da rabi na dare na riga na cinye rabona, sauran awannin duk daga ran batirin nake ci. Inbatar kuma ba ta kuka a rabi. Tawa sai wutar ta sauka kusan bolt 10.5 take yankewa, lokacin batirin ya riga ya zama fanko. Shi ya sa da fari ya riƙa kai mu asuba: yana iyawa, amma kowane dare yana barin wani abu nasa da ba zai dawo ba.

Akwai wani ƙarin. Wannan 200Ah ɗin, a jikin nawa an sa C20 kusa da shi, ma'ana ana samun adadin ne idan an ja shi a hankali cikin awa ashirin, amfiya 10 ke nan. Mu kuwa tsakanin tara da sha ɗaya, da komai ke kunne, muna jan kusan amfiya 25. Batirin dalma in aka ja shi da ƙarfi haka, ba ya ba da cikakken abin da aka rubuta.

Lissafin da ya bar mini a kwalin shi ne wannan, Wh na nufin wat-awa, V kuma bolt:

```
Ah = Wh ÷ 0.85 ÷ 0.5 ÷ V
1790 ÷ 0.85 ÷ 0.5 ÷ 12 ≈ 350
```

Wato 350Ah nake bukata a kan bolt 12, ga shi ina da 200. Na so in sayi guda in haɗa da tsohon. Ya hana ni, ya ce gajiyayyen zai ja sabon ƙasa, a rasa duka biyun. Haka na cije na sayi sababbi biyu iri ɗaya, aka haɗa su a jere suka zama bolt 24, wat-awa 4800, rabinsu 2400, sama da 2100 da nake bukata. Wannan ya tilasta sauya inbatar ma, kuma ban yi da-na-sani ba saboda caji. Tsohuwar inbatar amfiya 10 take tura wa batir, ga abin da ake mayarwa kusan 175Ah, aikin awa sha bakwai ko fiye. Idan aka ɗauke wuta dare biyu a jere, batirin bai cika ba za a sake zuƙarsa, kuma zama ba a cike ba shi ma yana kashe irinsa. Sabuwar amfiya 20 take bayarwa, abin mayarwa kuma bai kai 90Ah ba, don haka kafin la'asar ta gama.

Ya kawo maganar batirin litiyam, cewa mai 25.6V 100Ah yana ɗauke da 2560 kuma ana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa. Da kayana zai kai ni asuba da kyar, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin aljihuna a lokacin.

Yanzu kullum da safe bayan daren da babu wuta, nakan kashe komai, in bar baturan su huta kamar awa ɗaya kafin caji, in auna da mita. Cikakken batir guda yana nuna kusan bolt 12.7, rabi kuma wajen 12.1 zuwa 12.2. Tsohon 11.6 yake nunawa. Sababbin, su biyu a haɗe, ina ganin 24.4.

Abin da ban so ba: nauyi, don kowanne sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Sai duba ruwa, a ƙara tataccen ruwan batir, ba na famfo ba kuma ba na leda ba. Dole kuma muka fitar da su daga ɗaki zuwa baranda mai iska, saboda iskar da suke fitarwa lokacin caji tana iya kamawa da wuta, zafin ɗaki kuma yana rage musu kwana. Mai shagon farko har yau muna gaisawa. Batirin da ya ba ni mai kyau ne, awannin fanka ne bai tambaya ba. Da zai yiwu in koma baya, fankokin zan fara sauyawa da masu wat 30, domin wannan kaɗai zai sauke daren daga 1790 zuwa 1070.