Saƙonnin tunin bashi: manhaja ko bakinki?

"Don Allah 'yan uwa, ina sayar da atamfa da leshi, ina da saƙonni wajen sittin na tunin bashin kayan Sallah da nake so in gyara. In biya kuɗin manhajar nan mai sake rubutu, ko in zauna in yi da hannu? Tsorona kar a ce inji ne ya rubuta."

Ƙanwata, riƙe kuɗinki. Ki ɗauki muryarki a waya, ki kwafe abin da kika faɗa, ki ajiye shi a WhatsApp Business. Da shi nake karɓar bashin turaren wuta da humra, kuma ba wadda ta taɓa ce min saƙona ya canza. Manhajar kuwa na taɓa biyan wata guda, ban sabunta ba. Tana da sauri, wannan ba musu, kuma ba ta gajiya.

Matsalarta ita ce ba ta san wadda ake rubuta wa ba. Ki ce ta yi miki tuni ga wadda ta ɗauki atamfa turmi biyu a naira 36,000, ta biya 20,000, abin da za ta ba ki ba zai wuce irin wannan ba: "Abokiyar ciniki mai daraja, muna so mu tunatar da ke cewa akwai ragowar naira 16,000 da ba a biya ba. Kada ki yi jinkirin tuntuɓarmu idan kina da tambaya." Ba kuskuren nahawu a ciki, amma wa ke magana haka a Kantin Kwari? Ke kaɗai ce mai shagon, ta mayar da ke "mu" kamar banki. Babu sallama, babu gaisuwar gida, kuma ta ambaci kuɗi tun a layin farko, alhali mu sai mun tambayi yara da mai jiki kafin mu iso nan. Wani lokacin ma takan fara da "ki" ta ƙare da "ka", tunda a Turancin da take tunani da shi mace da namiji duk abu ɗaya ake ce musu. Ki tura wa Hajiyar da ta isa ta haife ki saƙo mai "ka biya", ki ga yadda cinikin shekaru zai yi sanyi.

Ga abin da ya fito daga bakina ranar da na kunna ɗaukar murya, na sa wata dattijuwar mai sayen kayana a raina: "Salamu alaikum Hajiya, an yi Sallah lafiya? Ya ƙafar taku, da sauƙi dai? Dama zan koma kasuwa ranar Laraba ne, na ce bari in taɓa ku kan 'yar ragowar nan. In da hali kafin nan, in babu ku faɗa min ranar da ta fi muku." Da na tura mata makamancinsa, kira na ta yi. Muka sha hirar ƙafa da maganin da jikarta ta kawo mata, ni ban ƙara ta da zancen kuɗi ba, washegari ta aiko yaro da su a ƙulle a leda har da ɗan dambun nama. Abin da ya yi aiki a saƙon ƙanana ne: "dama", da "'yar ragowar nan", da dalilin da na bayar na komawa kasuwa, wanda ya sa tunin bai zama tuhuma ba. Su ne kuma manhaja ke fara sharewa, don a wurinta surutu ne da ba shi da amfani.

Ba sai kin ɗauki murya sau sittin ba. Masu bashinki ba za su wuce kashi uku ba: manya da kike ce wa "ku", sa'o'inki da kuke wasa da dariya, sai maza masu saya wa iyali, waɗanda gajeren saƙo ya fi dacewa da su. Kowane kashi ki zaɓi mutum ɗaya takamaimai, ki yi masa magana a waya kamar yana gabanki. Wajen kwafewa ne ake ɓata aikin, domin hannu yakan so ya mayar da magana Hausar labaran rediyo. In "gurin" kike cewa, ki bar shi "gurin". In ke Basakkwaciya ce, "mi" da "taho" ɗinki su zauna yadda suke, da su aka san ki. Maimaici da in-ina kawai za ki cire.

Daga nan ki raba saƙon biyu. Akwai abin da ba ya canzawa, wato jimlar tunin da lambar asusunki da sunan banki. Wannan shi za ki ajiye a Quick replies, cikin Business tools, ki ba kowanne gajeren suna kamar `/manya` da `/asusu`. Da kin buga `/` a wurin rubutu za su fito ki zaɓa, kuma ana iya ajiye har 50, ke biyar ma sun ishe ki. Sai abin da ke canzawa: suna, kaya, adadin kuɗi, da layi ɗaya na gaisuwa wanda ke kaɗai kika san dalilinsa, ko suna da aka yi a gidan, ko ɗa da ya rubuta jarrabawa. Wannan da yatsanki za ki buga, kina duba littafin bashi. Minti ɗaya zuwa biyu ne kowane saƙo, ke nan sittin ɗinki aikin awa biyu ne in ya yi yawa, manhaja kuma za ta gama kafin ruwan shayi ya tafasa, sai ki ɓata lokacin da kika rage wajen gyaran "ka" da "ki". Ki raba aikin zama biyu ko uku, saboda in gajiya ta zo ke ma za ki koma inji, kowa "ya gida ya yara".  Ki kuma lura da 'yan gida ɗaya. Kishiyoyi da facaloli suna nuna wa juna waya, in saƙonsu ya zo iri ɗaya sak, an gama gane ki.

Gwajin da nake yi kafin in tura shi ne in karanta da ƙarfi. Duk jimlar da ba zan iya faɗa wa matar ido da ido ba tare da na ji wani banbaraƙwai ba, sai in goge ta. In kin nace sai kin taɓa manhaja, ki tsayar da ita kan duba ƙ da ɗ da ɓ a jimlolin da kika riga kika rubuta, kuma kar ki zuba mata sunayen mutane da bashinsu, sirrin da aka ba ki amana ne.

Ba ki tambaya ba, amma ki kiyayi masu tallar "manhajar da ke mayar da rubutu na ɗan Adam" a farashi mai araha. Da yawansu asusu ɗaya suke sayar wa mutane barkatai, bayan 'yan kwanaki a canza kalmar sirri, lambarsu ta daina shiga. Wasu kuma za su ce za su sa miki WhatsApp na musamman mai tura saƙo ɗari a bugu ɗaya. Irin waɗannan na jabu ne, kamfanin yana rufe layin da ya kama da su, kuma layin nan shi ne shagonki. Wanda duk ya ce ki karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarki don ya "haɗa" miki, ɓarawo ne, ki toshe shi nan take.

Ki fara da kashin manya yau da daddare in yara sun kwanta, goma kawai, ki ga irin amsar da za ki samu kafin ki taɓa sauran.