Sharhi a kan Disk Cleanup: abin da za a iya gogewa a Windows da abin da ya kamata a bari

Na yi amfani da Disk Cleanup, manhajar sharar da ke zuwa tare da Windows, a kan kwamfuta mai ma'ajiyar gigabait 128 wadda ta kusa cika bayan an ɗaga ta zuwa Windows 11. A ganina manhajar abin dogaro ce, domin ba ta taɓa abin da Windows ke buƙata wajen aikinsa, sai dai wasu abubuwan da take gogewa suna rufe hanyar komawa baya, kuma bayaninta a kan haka gajere ne.

Ana buɗe ta da rubuta `cleanmgr`, amma sai an danna Clean up system files kafin ragowar sabuntawa ta bayyana a jerin. Fayilolin wucin gadi da ke cikin `%TEMP%` da `C:\Windows\Temp` ba su da wata matsala, matuƙar babu manhajar da ake girkawa a lokacin. Duk fayil ɗin da ake amfani da shi zai ƙi goguwa, sai a tsallake shi. Haka ma Delivery Optimization Files, wato kwafin sabuntawar da aka adana don rabawa wasu kwamfutoci, goge su ba shi da matsala.

Inda ake buƙatar natsuwa shi ne Previous Windows installation(s), wato babban fayil ɗin `Windows.old`, wanda a wannan kwamfuta ya fi komai cin wuri. A cikinsa tsohon Windows yake, kuma da shi ne maɓallin Go back yake mayar da kwamfuta yadda take kafin a ɗaga ta. Windows yakan goge shi da kansa bayan kwana 10. Saboda haka ban taɓa shi ba sai da na tabbatar cewa sauti da intanet da firinta da manhajojin aikina duk suna tafiya daidai, sannan na leƙa `Windows.old\Users` don ganin ko akwai takardar da ba ta ƙaura ba. Wanda ya goge shi a ranar farko, daga baya ya tarar firintarsa ta daina aiki, ba shi da hanyar komawa tsohon Windows sai ya girka shi daga tushe.

Windows Update Cleanup ma na yarda da shi, ko da yake yana da jinkiri sosai, har mutum ya zaci manhajar ta maƙale. Yana cire tsofaffin sassan da sababbin sabuntawa suka maye gurbinsu, waɗanda ke cikin `C:\Windows\WinSxS`. Wannan wuri kuwa ba a sa masa hannu kai tsaye ko kaɗan. Girman da File Explorer ke nunawa ya zarce na gaskiya, saboda fayiloli da yawa a cikinsa su ne dai waɗanda ke `System32`, wato sunaye biyu ne a kan fayil ɗaya. Idan aka goge su da hannu, sabuntawa za ta riƙa gazawa, wani lokaci ma kwamfutar ta ƙi tashi. Mai son sanin ainihin girmansa da rage shi ta hanyar da ta dace zai buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa ya rubuta:

```
Dism /Online /Cleanup-Image /AnalyzeComponentStore
Dism /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup
```

Ban ƙara `/ResetBase` ba, domin bayansa ba za a iya cire sabuntawar da aka riga aka girka ba, ko da daga baya aka gano ita ce ke kawo matsala.

Akwai kuma `C:\Windows\Installer`, ɓoyayyen wuri da Disk Cleanup ba ya taɓawa, kuma daidai ya yi. Fayilolin `.msi` da `.msp` da ke cikinsa su ne manhajoji ke nema yayin da za a gyara su, ko a sabunta su, ko a cire su. Illar goge su ba ta bayyana nan take, sai ranar da aka zo cire wata manhaja ta nemi fayil ɗin girkawar da babu shi, kuma kwafo su daga wata kwamfuta ba ya magance matsalar, tunda kowace kwamfuta da sunayen da ta ba nata.

Shi kuwa `C:\Windows\SoftwareDistribution\Download` ana iya share abin da ke cikinsa bayan an tsayar da hidimar Windows Update, amma na fi ɗaukar wannan a matsayin maganin sabuntawar da ta maƙale, domin Windows zai sake sauko da duk abin da bai gama girkawa ba.

Sabon shafin Temporary files da ke cikin Settings yana yin kusan aiki ɗaya da tsohuwar manhajar, kuma ya fi ta sauƙin karantawa. A jerinsa akwai Downloads, wanda fayilolin mai kwamfutar ne da kansa, don haka a duba cewa babu alama a akwatinsa kafin a danna Remove files.