Adaftar USB zuwa siriyal: an rubuta 3V3, mita ta ce 5V

Da farko ban ga laifinta ba. 'Yar ƙaramar adafta ce mai `CH340`, irin waɗanda ake sayarwa a leda tare da wayoyi huɗu masu launi. Na gwada ta a kan Arduino Pro Mini mai aiki da `5V`, ta loda komai lafiya lau, har na fara yaba ta a gaban abokan aiki.

Sai da aka kawo min wata rauta TL-WR841N da ta ƙi tashi bayan an ɗora mata OpenWrt sannan na ga halinta. Siriyal ɗin rautar `3.3V` ne, don haka na mayar da 'yar hular da ke kan adaftar zuwa inda aka rubuta `3V3`. Al'adata ce in sa mita kafin in jona. Ƙafar `VCC` ta nuna 3.3, madalla. Da na auna tsakanin `TX` da `GND` kuwa, sai ga kusan 5. Ashe hular ƙafar ba da wuta kaɗai take canzawa, ƙafar da ba ta da amfani a aikin rauta, tunda rauta da nata wutar take tashi. Shi kuwa `TX`, wanda ke shiga kai tsaye cikin `RX` na rautar, yana nan a biyar ɗinsa, kuma ko ba a aika komai haka yake zama a sama. In ya ƙona ƙafar `RX` ɗin, za ka ga rubutu na gudu a allo amma duk abin da ka buga rautar ba ta ji. Wanda ya haɗa allon adaftar ne ya yi wannan aika-aikar.

Waya uku kawai ake jonawa: `GND` da `GND`, `TX` na adafta zuwa `RX` na rauta, `RX` na adafta zuwa `TX` na rauta. A layin `TX` na adaftar na sa razista `1k`, daga bayanta kuma `2k` zuwa `GND`, wutar ta sauko wajen 3.3. Sannan na buɗe:

```
screen /dev/ttyUSB0 115200
```

Rubutun U-Boot ya fito tsaf, na yi sauri na buga `tpl`, ya tsaya ya saurare ni. Gaskiya a nan ta yi aikinta, ko harafi ɗaya bai gurɓace ba.

Amma da na koma wurin mai shagon na faɗa masa, cewa ya yi: “Yallaɓai, ai kowa haka yake amfani da ita, ba wanda ya taɓa dawowa.” To ina wanda rautarsa ta kurmance zai san daga ina abin ya fito, balle ya dawo? Ga wayoyin ledar ma sakwa-sakwa, da ka taɓa tebur sai ɗaya ta zame.

Na bar ta wa allunan `5V`. Rauta da ESP8266 kam ba za ta ƙara kusantarsu ba sai da razistocin nan biyu, waɗanda yanzu na liƙe su da dalma a jikin wayar.