Sharhi: Mayar da Saƙon WhatsApp Takardar Ofis da Microsoft Word

Aikin sakataren ƙungiya ya sa nake yawan karɓar sanarwa daga shugabanmu ta WhatsApp, cike da taurari da emoji, tare da umarnin in mayar da ita wasiƙar da za a buga a kai wa hakimi ko banki. Kayan aikin da na fi dogara da shi a wannan hidima shi ne Find and Replace na Microsoft Word, kuma a ganina ya cancanci yabo.

A WhatsApp, kalmar da aka sa tsakanin taurari biyu tana fitowa da kauri, amma idan aka kwafe ta zuwa Word sai a ga `*Taron gaggawa*` da taurarinta tsirara. Maimakon in bi su ɗaya bayan ɗaya, nakan danna Ctrl+H, in zaɓi More, in kunna Use wildcards, sannan in cike akwatunan biyu kamar haka:

```
Find what:    \*([!\*^13]@)\*
Replace with: \1
```

Kafin in danna Replace All, nakan sa alamar rubutu cikin akwati na biyu in danna Ctrl+B, domin taurarin su ɓace kalmomin kuma su yi kauri na gaskiya. Amfanin `^13` shi ne hana binciken tsallakawa zuwa wani sakin layi, domin masu rubutu da yawa suna fara jerin abubuwa da tauraro guda, kuma ba don shi ba, sai Word ya haɗa wannan tauraron da wani na can ƙasa ya kaurara duk abin da ke tsakaninsu. Alamar an samu matsala ita ce a ga tauraro ya rage shi kaɗai ba a farkon jeri ba, wanda galibi yake nufin marubucin ya manta bai rufe ba.

Batun emoji ya fi buƙatar natsuwa. Nakan kashe Use wildcards, in kwafi emoji guda in liƙa a Find what, amma ba kowanne nake sharewa ba, saboda wasu suna ɗauke da ma'ana. A wata sanarwa, hoton kalanda ne ya tsaya a madadin "Rana", agogo a madadin "Lokaci", jar alamar taswira kuma a madadin "Wuri", saboda haka kalmomin na rubuta a Replace with. Da na share su kawai, da layukan sun zauna babu bayani. Haka lambobin da ke cikin shuɗin akwati, waɗanda sai an sake jera su da Numbering.

Iyakar kayan aikin a fili take, domin siffa yake gyarawa, ba lafazi ba. "Slm" da "pls" suna nan sai na mayar da su cikakkiyar sallama da roƙo na ladabi, kuma adireshi, kwanan wata, kan magana da gurbin sa hannu duk da hannuna nake ƙara su kafin in adana takardar a matsayin PDF.