Wata huɗu muna biyan mai lissafa mana kwana da firikik: abin da na gani

Ina horar da wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matasa a yankin Gwale, mafi yawan wasanninmu kuma a filayen unguwa muke buga su, wani lokaci a filin wasa na Mahaha. A ƙarshen daminar bara wani abokina koci ya haɗa ni da wani matashi da ke ɗaukar bidiyon wasa, ya kuma fitar da jadawalin duk kwana da firikik da aka buga. Mun yi aiki da shi wasa 14, kuma ina ganin ya kamata sauran kociyoyin Kano su ji yadda ta kaya kafin su saka kuɗinsu.

Aikinsa ba shi da rikitarwa. Yana kafa waya a kan ƙafa uku a gefen fili, bayan an tashi ya yanko kowace kwana daban, ya turo min ta WhatsApp tare da jadawali a Excel. A kowane layi akwai wanda ya buga, da ƙafar da ya buga da ita, da inda ƙwallon ta sauka, wato turken kusa ko turken nesa ko kuma gajeriyar kwana. Sai wanda ya fara taɓa ta, mu ko abokan karawa, sai ko an samu hari a raga cikin daƙiƙa 10, sannan ko ta shiga.

Da ya haɗa min lissafin duka, abin da idona ya fara nema shi ne ƙwallayen da suka shiga. Kwana 61 muka samu, muka ci 3. Guda 34 mun ɗaga su sama zuwa turken nesa, inda dogon mai tsaron bayanmu yake jira, biyu suka shiga. Guda 17 mun lanƙwaso su da ƙarfi zuwa turken kusa, ɗaya ta shiga. Sauran 10 gajeru ne, ba ko ɗaya. Nan take na ce ai magana ta ƙare, turken nesa shi ne namu, gobe ma shi za mu ci gaba da yi a atisaye.

Sai yaron ya ce, "Koci, don Allah ka ɗan dakata. Biyu cikin 34 da ɗaya cikin 17 ai duk abu ɗaya ne. Ka duba wa yake fara taɓa ƙwallon."

Gaskiya ya faɗa, kuma a nan ne na san kuɗinmu bai tafi a banza ba. A cikin 34 ɗin nan na turken nesa, sau 9 kacal ɗan wasanmu ya fara sa mata kai, hari 4 ne kawai ya fito. A cikin 17 na turken kusa kuwa, sau 10 mu muka fara taɓawa, muka kai hari 7. Wato a turken nesa sai mun buga kwana takwas ko tara kafin mu kai hari ɗaya, a turken kusa kuma duk kwana biyar muna samun hari biyu. Da muka sake kallon ƙwallaye biyun da na yi ta alfahari da su, sai ga shi duka biyun golan ne ya fito ya kama iska, ɗaya ma a ranar da iskar hunturu ke kaɗawa ta karkatar da ƙwallon. Ba shirinmu ne ya ci su ba.

Dalilin da ya sa ba za a dogara da ƙwallon da ta shiga kaɗai ba shi ne ƙarancinta. Ko a manyan gasannin Turai, kwanar da ke zama ci ba ta wuce kamar uku a cikin ɗari ba. To ƙungiyar da ke samun kwana huɗu ko biyar a wasa, kakar wasa guda ba za ta tara mata abin da za ta yanke hukunci da shi ba, kuskuren gola ɗaya ya isa ya juya lissafin gaba ɗaya. Fara taɓawa da kai hari kuwa suna faruwa a kowane wasa, don haka suna saurin nuna wa mutum gaskiya. Bidiyon ya kuma nuna min sanadin matsalar: ƙwallon da aka ɗaga tana daɗewa a sama, gola ya samu lokacin fitowa, shi kuma dogon namu yana tsaye wuri ɗaya mutum biyu sun riƙe shi. Ta turken kusa tana zuwa da gudu, wanda ya taso daga baya da sauri yana riga mai tsaronsa isa, ko goga ta kawai ya yi da ka ta faɗa cikin yadi shida.

A firikik abin ya fi fitowa fili. Sau 22 muka buga kai tsaye zuwa raga, ɗaya ta shiga. Guda 13 daga cikinsu an buga su ne daga nisan da ya wuce mita 25, kuma biyu ne kawai suka kai ga hannun gola, sauran sun daki katanga ko sun tashi sama. Na zauna da kyaftin ɗinmu, wanda shi ke buga su, na nuna masa ɗaya bayan ɗaya. Bai ji daɗi ba, ni ma ban ji daɗin nuna masa ba, domin yaro ne mai ƙoƙari, amma ya yarda. Yanzu duk firikik da ta wuce wannan nisa, cikin yadi sha takwas muke zuba ta kamar kwana.

Don haka na sauya atisayen ranar Alhamis. Minti 20 da muke warewa, 15 na turken kusa ne: mai ƙafar hagu ya buga daga dama don ta lanƙwasa ciki, mutum ɗaya ya taso da gudu, biyu su jira gogaggiyar ƙwallon a tsakiya da turken nesa, da sanin cewa ba a satar gida a bugun kwana na farko amma da zarar namu ya taɓa ta doka ta dawo. Ragowar minti biyar na firikik ne a bakin sha takwas, da katanga a mita 9.15 kamar yadda doka ta ce. Gajeriyar kwana na ajiye ta tukuna, domin sau biyu aka ƙwace mana ita aka koro mu har gidanmu.

Akwai inda aikin ya gaza. Babba shi ne jadawalin yana rubuta inda ƙwallon ta sauka ne, ba inda aka yi niyyar kai ta ba. Kwanar da mai bugu ya nufi turken nesa ta gaza a hanya, sai ta shiga lissafin turken kusa. Sai da na riƙa ba shi takardar shirinmu kafin wasa ya ƙara layin niyya, kuma hakan ya faru ne bayan wasa na shida, don haka lissafin farkon yana da ɗan gauraye. Na biyu, wayar tana ƙasa sosai, idan jama'a suka cika bakin layi ko ƙura ta tashi ba a gane wanda ya taɓa ƙwallon, kwana huɗu sai da muka tambayi 'yan wasa. Sannan sau uku bidiyon bai iso ba sai bayan atisayen Alhamis ya wuce.

Duk da haka na sabunta yarjejeniya da shi, da sharaɗi biyu: ya samo abin ɗaga waya sama ko ya hau wuri mai tudu a bayan raga, kuma jadawali ya iso kafin daren Talata. Na kuma roƙe shi ya fara lissafa kwanar da ake buga mana, domin a wasa 14 ɗin nan ƙwallo 5 aka zura mana ta wannan hanya, kuma har yanzu ina so in ga ko a wuri ɗaya suke sauka.